Yadda za ka ba na ƙasa da kai aiki ba tare da aikin ya dawo kanka ba

Yawancin aikin da ake ba ƙananan ma'aikata a ofis tun a minti biyun farko yake lalacewa. Oga na tsaye bakin ƙofa zai shiga mitin, ya hango sabuwar ma'aikaciya ya ce "Malama don Allah ki ɗan haɗo min ƙorafin kwastomomi na watannin nan, ina so da wuri", ta ce "to oga", shi ya wuce yana ganin ya sauke nauyi, ita kuma ta koma teburinta da tambayoyin da ba ta yi ba, waɗanne watanni ake nufi, a ina ƙorafin yake, a Excel za a yi ko a rubuce, da wuri ɗin nan yau ne ko sati mai zuwa. Shi siffar gamammen aikin tana cikin kansa don ya saba yi, ita ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ba za ta tambaya ba don kar a ce an ɗauko wadda ba ta san aiki ba. Abin da zan bi daki-daki a nan shi ne yadda za ka fito da wannan siffar daga kanka ka miƙa mata, da yadda za ka gane da wuri in an kauce hanya. Zan tsaya kan wannan misalin na rahoton ƙorafi har ƙarshe, in kai aikinka daban ne sai ka sauya sunan.

Ga yanayin. Ranar Alhamis ta sati mai zuwa ƙarfe 10 na safe akwai mitin da manaja, ana so a san abin da kwastomomi suka fi kuka da shi daga Janairu zuwa Maris. Ƙorafin yana warwatse a wuri uku, akwai na imel, akwai rijistar da ake rubutawa a kanta, wato teburin karɓar kwastomomi, akwai kuma fayil ɗin masu amsa waya. Duka a ce sun kai 340. Yau Litinin, saura kwana goma.

Kafin ka kira ta

Zauna kai kaɗai minti goma da biro, ka rubuta a layi ɗaya ko biyu abin da kake so ka riƙe a hannunka ranar da aka gama. In ka kasa rubutawa to kai ma ba ka san me kake so ba tukuna, kuma duk wanda ka ba wa zai yi ta lalube ne. "Rahoton ƙorafi" bai isa ba. Wanda ya isa shi ne: fayil ɗin Excel guda ɗaya, kowane ƙorafi a layinsa, da kwanan wata, lambar oda, inda ya shigo, rukuninsa, da ko an warware ko ba a warware ba, sannan taƙaitaccen bayani da bai wuce shafi biyu ba wanda ke nuna rukuni uku mafi yawa da misali ɗaya-ɗaya. Ka ga yanzu ko wani ne ya karanta zai iya cewa an gama ko ba a gama ba.

Sai ka duba ko tana da abin da za ta yi aikin da shi. Wannan ne ake yawan mantawa kuma shi ke cin kwana ɗaya cur a banza. Akwatin imel na ƙorafi tana da izinin shiga? Rijistar kanta wa ke riƙe da ita, kuma zai ba sabuwar ma'aikaciya haka kawai ba tare da ya ji daga gare ka ba? Kai da kanka za ka tura wa mai rijista saƙo ka ce wance za ta zo karɓa ni na aiko ta, don ƙaramin ma'aikaci ba shi da fuskar da zai matsa wa wanda ya girme shi a aiki, in aka ce masa "dawo gobe" gobe zai dawo, ya sake dawowa jibi, kuma ba zai gaya maka ba sai ranar da ka tambaya.

Ka kuma raba abin da zai tafi wurinta da abin da zai tsaya wurinka. Tattarawa, tsaftacewa, ƙirgawa da daftarin farko na bayanin nata ne. Shawarar da za a ba manaja a kan me za a gyara taka ce, haka in ƙorafi ya ambaci sunan wani ma'aikaci, wannan ba hurumin ƙarama ba ne. Aikin ne kawai ka ba ta, amsawa a gaban manaja tana nan a wuyanka, in lissafi ya fito ba daidai ba ranar Alhamis ba za ka buɗe baki ka ce ai yarinyar ce ta yi ba.

Zaman miƙa aikin

Ba a tsaye ba, ba a kan hanya ba. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a zaune, ta zo da littafi.

Fara da dalilin aikin, don shi ne zai yanke mata hukunci a wuraren da ba ka hango ba. In ka gaya mata cewa manaja yana so ya yanke shawara ne ko a ƙara ma'aikaci a ɓangaren kai kaya ko a ɓangaren amsa waya, to da ta ci karo da ƙorafin da ya haɗa jinkirin kaya da rashin ɗaukar waya za ta san wannan layin yana da muhimmanci, ba za ta jefa shi cikin "sauransu" ba. In ba ta san dalili ba za ta kashe awa uku tana gyara kalar tebur don tana ganin kyau ake nema.

Sannan nuna mata samfuri. In akwai rahoton bara buɗe shi a gabanta, ka ce irin wannan nake so amma ban da wancan shafin na ƙarshe, babu mai karanta shi. In babu, to ku cika layi uku tare a nan take, ka ɗauko ƙorafi na gaske daga imel ta ga yadda kake karanta shi da yadda kake zaɓar rukuni. Layi ukun nan sun fi bayanin rabin awa amfani. Rukunan ma kai za ka kafa su tun yanzu, a ce guda shida: Jinkiri, Lalacewa, Kuskuren oda, Kuɗi, Mu'amala, Sauransu. Kar ka bar ta ta ƙirƙira tana tafiya, in ba haka ba za ka tarar da "jinkiri" a wani layi, "kaya bai iso ba" a wani, "an makara" a wani, abu ɗaya da suna uku, kuma ranar ƙirga lissafi ba zai haɗu ba. Ko da sunan ɗaya ne ma, in aka buga shi da fili a ƙarshe, wannan fomular ta Excel da ke ƙirga "Jinkiri" a kolum D na rukuni ba za ta ƙirga shi ba:

```
=COUNTIF(D:D,"Jinkiri")
```

Maganinsa shi ne ta saka jerin zaɓi a kolum ɗin ta Data Validation, ta riƙa zaɓa maimakon bugawa. Irin wannan ɗan abin da kai ka sani don ya taɓa cizonka shi ne ya kamata ka faɗa, ba wai ka tsaya koya mata yadda ake buɗe fayil ba.

Daga nan sai iyakar ikonta, kuma ka faɗe ta ɓaro-ɓaro da misali. Abin da za ta yanke da kanta ba sai ta tambaya ba: tsarin tebur, gyaran kuskuren rubutu, da wane tushe za ta fara. Abin da za ta yanke amma ta rubuta ta sanar da kai daga baya: ƙorafin da ya faɗa rukuni biyu, ta zaɓi ɗaya ta sa alama a gefe. Abin da ba za ta taɓa ba sai ta ji daga bakinka: kiran kwastoma, goge layi, tura fayil ɗin ga wani, ko taɓa asalin rijistar. Sabon ma'aikaci in ba a shata masa wannan ba ɗayan biyu yake yi, ko ya tambaye ka komai har girman rubutu, ko ya ƙi tambayar komai har ya kira kwastoman da ke cikin fushi ya yi masa alkawarin da kamfani bai sani ba.

Akwai kuma tambayar da oga da yawa ba sa yi: me ke hannunki yanzu? In wani babba ya riga ya ba ta aiki na Laraba, ba ita za ta zaɓi wanda za ta ɓata wa rai tsakaninku ba, kai za ka je ka daidaita da shi. Ƙarama ba za ta ce maka "ba ni da lokaci" ba, to za ta ce, sannan ta kwana a kan aikin ko ta yi duka biyun rabi-rabi.

Kar ka tambaye ta "kin gane?"

Amsar wannan tambayar kullum "eh" ce, don haka ba ta gaya maka komai. Abin da za ka ce shi ne "Malama, ɗan maimaita min yadda kika fahimta, ina so in tabbatar ban tsallake wani abu ba, sannan gaya min da me za ki fara." Lura da yadda aka ɗora yiwuwar kuskure a kanka, ba a kanta ba, shi ya sa ba za ta ji kamar jarrabawa ake mata ba. Matuƙan jirgin sama ma haka ake musu, in hasumiya ta ba da umarnin tsayin da za a hau ko titin da za a sauka, dole matuƙi ya maimaita da bakinsa mai ba da umarnin ya ji, komai ƙwarewarsa.

To ga abin da kake saurare. Ta ce "zan haɗa duka ƙorafin daga Janairu zuwa yau". Ehen, ka kama ɗaya, Maris aka ce, ba yau ba. Ta ce "zan kwafe duk abin da kwastoma ya rubuta cikin tebur". Ka kama biyu, taƙaitawa a jimla ɗaya kake so, in ta kwafe duka aikin zai ninka uku. Waɗannan biyun da ba a kama su yau ba da ranar Talata ta sama za ka gan su, lokacin babu sauran lokacin gyara.

Bayan zaman, a rubuta. Ni na fi son ita ta rubuta ta turo min, don rubutun nata wata maimaitawar ce, amma in sabuwa ce fil to karon farko kai ka rubuta ta ga yadda ake yi. Wani abu kamar haka:

"Malama, kamar yadda muka yi magana. Aiki: tattara ƙorafin kwastomomi na 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris daga imel, rijistar kanta da fayil ɗin waya, cikin Excel ɗaya da rukuni shida da muka tsara, sai bayani shafi biyu. Dalili: mitin da manaja ranar Alhamis ta sama ƙarfe 10. Gobe Talata ƙarfe 12 ki turo min layi 20 na farko. Juma'a ƙarfe 4 cikakken tebur. Talata ta sama ƙarfe 12 daftarin bayani. Kar ki kira kwastoma, kar ki goge layi. In abu ya tsayar da ke fiye da minti 30 ki turo min saƙo nan take, sauran tambayoyi ki tara mu duba kullum ƙarfe 3."

Maganar wa'adi

"Da wuri", "in kin samu lokaci", "kafin ƙarshen sati", duk waɗannan ba wa'adi ba ne. Wa'adi rana ce da ƙarfe, da kuma ta inda za a miƙo, imel ko folda ta ofis ko a firinta a ajiye a tebur. Kuma ranar da ka ba ta ba ita ce ranar mitin ba, baya-baya za ka ƙirgo. Mitin Alhamis ƙarfe 10. Kana buƙatar Laraba don gyara da kuma rubuta taka shawarar. Kana buƙatar yammacin Talata don karantawa a natse. Shi ya sa daftarinta ya faɗo Talata ƙarfe 12. Kuma ka gaya mata gaskiyar lissafin nan, kar ka yi mata ƙaryar cewa mitin ɗin Talata ne don ta yi sauri, ranar da ta gano, duk wa'adin da ka ƙara ba ta za ta ɗauka akwai rara a ciki.

Ka tambaye ta kwana nawa take ganin zai ɗauka, amma kar ka dogara da amsar. Mutane gaba ɗaya, ba ƙanana kaɗai ba, muna raina lokacin da aiki zai ci, Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayanin wannan ɗabi'ar tun 1979, ga kuma son burge oga a kai, sai ka ji ta ce "kwana biyu ya isa". Abin da ke ba da gaskiya shi ne awo. Shi ya sa na ce layi 20 na farko, kuma ka ce ta duba agogo. A ce sun ɗauke ta minti 40, wato minti biyu kowane layi. Saura 320, minti 640 ke nan, awa goma da minti arba'in. Ba wuni guda take da shi a kan wannan ba, tana da sauran ayyukanta, a ce awa uku a rana, to kwana huɗu ne, daga yammacin Talata zuwa Juma'a, ya shiga amma da ƙyar. In da awon ya nuna minti huɗu kowane layi to tun ranar Talata ka san Juma'a ba za ta yiwu ba, kuma kana da zaɓi: ka ɗauke mata wani aikin, ka haɗa ta da wani ya ɗauki rijistar kanta, ko ka rage kolum. Ka tuna kuma rubutun hannu na rijista ya fi imel cin lokaci, don haka gara layi 20 ɗin su zama gauraye daga duka tushe ukun, in daga imel kaɗai ta ɗauko awon zai yi maka daɗin baki.

Layi 20 ɗin nan su ne wurin da ya fi cancantar lokacinka a duk aikin, don a nan gyara yake da arha. Ka zauna ka karanta su ɗaya bayan ɗaya da asalin ƙorafin a gefe. A nan za ka ga ta sa "an caje ni sau biyu" a Kuskuren oda alhali Kuɗi ne. A nan za ka ga kwanan wata 03/02 wani fayil yana nufin 3 ga Fabrairu wani yana nufin 2 ga Maris. A nan kuma za ka ga lambar oda ɗaya ta fito sau biyu, don kwastoman ya kira waya ba a kula shi ba sai ya turo imel, to ƙorafi ɗaya ne ko biyu? Wannan kai za ka yanke, ba ita ba, kuma gara a yanke a layi na 20 da a layi na 340. Ni zan ce ta bar duka layukan ta ƙara kolum na "maimaici", a ƙirga sau ɗaya, don yawan waɗanda sai da suka yi magana sau biyu shi ma labari ne da manaja zai so ji. In ta danna Remove Duplicates, maɓallin Excel da ke goge maimaici, wannan labarin ya tafi.

Bayan wannan ka sakar mata mara har Juma'a. Kar ka riƙa zagayowa bayan kujerarta kana leƙen kwamfuta kana "ya ake ciki", kun riga kun sa ranakun dubawa, in ka ƙara wasu a kai to ka nuna mata ba ka yarda da ita ba, kuma za ta koma yin aikin da zai yi kyau a ido lokacin da kake wucewa. Yawan dubawar dai ya danganta da sabonta da wannan aikin takamaimai, ba shekarunta ko digirinta ba, wadda ta yi rahoton sau uku ba ta buƙatar layi 20, dubawa ɗaya a tsakiya ta isa.

Ka kuma kafa doka ɗaya a kan makara: duk lokacin da ta hango ba za ta cika wa'adi ba, a ranar ta faɗa, ba a ranar wa'adin ba, tare da inda ta kai da sabon lokacin da take gani. Dokar nan kuwa tana rayuwa ne ko ta mutu a karon farko da aka gwada ta, in ta zo Alhamis ta ce "oga ina layi na 210, Juma'a ba za ta yiwu ba sai Litinin da rana" ka haɗe rai ka yi mata faɗa a gaban mutane, shikenan, daga ranar ba za ka sake jin labarin makara ba sai ya riga ya faru.

Yadda za ta yi tambaya

"Ƙofata a buɗe take, ki tambaye ni komai" magana ce mai daɗi amma ba ta aiki, don ita tana ganinka kullum da waya a kunne, ba ta san wane lokaci ne ba za ta dame ka ba, sai ta yi shiru. Dole ka ba ta hanya, lokaci da siffa.

Tambayar da ta tsayar da aiki cak, kamar an hana ta rijista ko fayil ɗin waya na Fabrairu babu shi gaba ɗaya, wannan nan take, ta saƙo, ko kana mitin. Kafin nan ta gwada da kanta na minti 30, ta duba saƙon da ka rubuta mata, ta duba rahoton bara, ta tambayi na kusa da ita. Minti 30 ɗin iyaka ce ta ɓangare biyu, kar ta zo kafin ta gwada, kuma kar ta wuce haka tana fama ita kaɗai, na biyun ne ma ya fi yawa a wurin masu kunya, za ka tarar mutum ya kashe wuni guda a kan abin da za ka warware da jimla ɗaya. Tambayar da ba ta tsayar da aiki ba kuwa, ta rubuta a shafi na biyu na fayil ɗin, ta sa wa layin kala, ta ci gaba, ƙarfe 3 ku zauna minti goma ku share su gaba ɗaya. Kai ma ka riƙe ƙarfe 3 ɗin nan, in ka tsallake kwana biyu a jere ta gane ba da gaske kake ba.

Siffar tambayar ita ce abin da za ka koya mata da gaske. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Oga akwai matsala a rijistar, ya zan yi?" Dole ka tashi ka je ka duba da kanka kafin ma ka san me ake ciki. Na biyu: "Oga, a rijistar kanta ƙorafi 14 na Fabrairu ba su da lambar oda. Na nema da sunan kwastoma a fayil ɗin oda na samu 9, saura 5. Ina ganin in saka su a tebur in rubuta 'babu lamba' don kar su ɓace daga ƙirga, ko kuma in ware su a wani shafi. Na fi karkata ga na farko. Ina ci gaba da na Maris kafin ka amsa." Wannan kana cikin mitin ma za ka amsa da kalma uku, "yi na farko". Abu huɗu ne a ciki, me ta gani, me ta gwada, me take ganin a yi, da me take yi kafin amsa ta zo. Karon farko ba za ta iya ba, in ta kawo irin ta farko kar ka kore ta, ka ce "me kika gwada, ke me kike gani", ka jira ta amsa ko da shirun ya yi tsawo. Sau biyu ko uku za ta fara zuwa da shawararta a hannu.

Kuma ka kula da fuskarka. "Ai na gaya miki" da tsaki da ɗaga gira, kowane ɗaya yana rage tambayoyin gobe. In ta maimaita tambayar da ka amsa jiya, nuna mata inda amsar take a rubuce, in ba a rubuce take ba ta rubuta yanzu.

Sai tarkon da ke kama oga masu kirki. Ta kawo matsala, kana sauri, sai ka ce "bar shi zan duba". Da wannan kalmar aikin ya tashi daga teburinta ya dawo naka, yanzu ita ke jiranka, gobe ma ita za ta leƙo ta ce "oga ka duba kuwa?". William Oncken da Donald Wass sun yi rubutu a kan wannan a mujallar Harvard Business Review a 1974, suka kwatanta mataki na gaba da biri da ke tsallakowa daga bayan ma'aikaci zuwa bayan manaja. Hanyar kaucewa ita ce duk maganar da kuka yi ta ƙare da mataki na gaba a hannunta: "je ki tambayi mai rijista ko yana da kwafin rasit na waɗannan biyar ɗin, ki gaya min ƙarfe 3". In abin da gaske sai kai, kamar neman izinin shiga wani fayil, to ka faɗi ƙarfe nawa za ka yi, ita kuma ta san abin da za ta ci gaba da shi kafin nan.

Alamun cewa an kauce ba su da wuyar ganewa. Kwana biyu babu tambaya ko ɗaya daga sabuwa a aikin da ba ta taɓa yi ba, ba ƙwarewa ba ce, ko tana tsoro ko tana yanke hukunci a ɓoye. "Saura kaɗan" ranar Laraba, "saura kaɗan" ranar Alhamis, ka daina tambayar ya aiki, ka tambayi layi na nawa, ko ka ce buɗe in gani. In kuma rukunin Sauransu ya fara kumbura, a ce ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, to ko rukunanka ne ba su isa ba ko ita ce ke zuba duk abin da ya rikita ta a can, buɗe goma daga ciki za ka san wanne ne.

Ranar da ta miƙo

Ranar Juma'a ba sai ka karanta layi 340 ba. Haɗa jimillar rukuni shida ka ga ta yi daidai da yawan layukan da aka ƙirga, in akwai giɓi to akwai layin da ba shi da rukuni ko an buga sunan daban. Sannan zaɓi layi goma sha biyar barkatai daga tushe ukun ka gwada da asali. In ɗaya ne ya kauce, gyara ne. In huɗu ko biyar ne kuma duk iri ɗaya, to akwai ƙa'idar da ba ta fahimta ba, ka bayyana ta, ita ta koma ta bi teburin, akwai Litinin.

Daftarin Talata kuwa, ka bambance kuskure da abin da kawai ba salonka ba ne. Lissafin da bai dace da tebur ba kuskure ne, shafi huɗu maimakon biyu kuskure ne tunda an faɗa. Amma don ta fara da jimlar da kai ba za ka fara da ita ba, bar mata. Kar ka kwashe daftarin ka sake rubutawa da daddare ka yi shiru, za ta ga rahoton a mitin ba ta gane shi ba kuma ba ta san me ta yi ba daidai ba, wata uku masu zuwa haka za ta sake kawo maka. Rubuta mata gyaran a gefe takamaimai, "sakin layi na biyu kin ce Jinkiri 96, tebur ya nuna 91, ina ganin kin haɗa da maimaici", ta gyara ta dawo da shi Laraba ƙarfe 11. A mitin kuma ka ambaci cewa ita ta haɗa teburin, in da hali ta zauna a ciki ta ji irin tambayoyin da manaja ke yi, don rahoton Afrilu zuwa Yuni ita za ta fara kawo maka rukunan da jadawalin ranakun, kai ka duba kawai.